Saƙon da zai amsa wa masu ciniki alhali maigida yana hanya

"Salamu alaikum. Ina sayar da kayan babur a babbar kasuwar Garwa, sari da ɗai-ɗai. Zan tafi Guangzhou sayayya, mako uku. Ina so in sa saƙon nan da ke amsa wa mutum da kansa a WhatsApp da imel. Me zan rubuta, wa zan ce a nema, kuma yaushe zan ce a saurari amsa? Bara da na tafi, wayata ta cika da ƙorafi."

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya kai lafiya, ya sa a sayo a sa'a.

Na daɗe ina riƙe wa 'yan kasuwa takardu da wayoyin shago a nan Garwa, kuma abin da na lura shi ne, wanda ya rubuto maka ranar da ba ka nan bai damu da inda ka je ba. Bakanike ne a Gidar, ya kwance injin babur ɗin wani, mai babur yana zaune a kan benci yana jiransa. Abu uku yake son ji: wa zai ba shi fistan yau, a wace lamba zai biya, in kuma magana ce da sai kai, wace rana zai ji daga gare ka. Saƙon da ya amsa waɗannan ya yi aikinsa. Wanda ya tsaya a "na yi tafiya, sai na dawo" kuwa, tura mutum shagon maƙwabcinka kawai ya yi cikin ladabi.

Amma kafin rubutun akwai wani tarko da ke kama kusan kowa, gara mu fara da shi.

Wayar da ba ta kan layi ba ta amsa wa kowa

Saƙon imel da na WhatsApp ba hanya ɗaya suke fita ba. Na Gmail, wanda a wayar da ke kan Faransanci za ka gan shi da sunan Réponse automatique, daga na'urorin kamfanin yake tashi. Ko wayarka ta faɗa kogin Binuwai, wanda ya aiko maka imel zai samu amsa. Na WhatsApp Business, wato Message d'absence, daga cikin wayarka yake fita, kuma ba ya fita sai wayar tana kunne tana da intanet. WhatsApp na kowa da kowa ma ba shi da wannan abin gaba ɗaya, sai na 'yan kasuwa, saboda haka in har yanzu na gama-gari kake amfani da shi, sai an sauya tukuna.

To duba hanyarka. Daga Garwa zuwa Ngawundere a mota, layi yana zuwa yana ɗaukewa. In jirgin ƙasa na dare za ka bi zuwa Yawunde, akwai daji mai tsawo da waya ba ta ganin komai. Sai jirgin sama, waya a kashe. Ka sauka China kuma ka tarar an toshe WhatsApp da Gmail a intanet ɗin ƙasar, sai da dabara ake shiga. Wato kwana biyu ko uku na farko, lokacin da mutane ba su riga sun ji labarin tafiyarka ba kuma suka fi rubutowa, shi ne daidai lokacin da saƙon da ka ɓata dare kana tsarawa ba zai fita ba. Ina kyautata zaton rabin ƙorafin bara daga nan ya samo asali.

Maganinsa shi ne wayar da WhatsApp ɗin shago yake ciki ta kwana a Garwa. WhatsApp ba ya buƙatar katin layin ya zauna cikin wayar, intanet kawai yake so. Sai ka cire katinka, musamman in a kansa asusun kuɗinka na waya yake, ka sa wani katin da aka saya masa data ta wata guda, ka bar wayar a gida. Kai kuma ka haɗa wayar da za ka tafi da ita a matsayin na'ura ta biyu, tun da ana iya haɗa har na'urori huɗu da asusu ɗaya. Duk inda ka samu shiga, za ka ga abin da aka rubuto da abin da aka amsa.

Wa za a bar wa wayar? Nan kai ka san gidanka. In lambar ta shago ce zalla, ka bar wa wakilinka, ya riƙa amsawa a nan take, ka huta da tura mutane wata lamba. In kuwa lamba ɗaya ce da iyali da abokan hulɗarka na China da masu bashi duk suke rubuto maka, kamar yadda akasarinmu muke yi, kada ka ba yaron shago. Ba don ba shi da amana ba, a'a, farashin da kake saro kaya da maganar gidanka ba nasa ba ne ya karanta. Ka bar ta wurin Hajiya, ta riƙa yi mata caji. Kuma kada a kulle ta cikin durowa a jone da wuta dare da rana. Na taɓa buɗe durowar wani shago bayan mako biyu a zafin Afrilu, na tarar batir ya kumbura har ya ɗaga bayan wayar kamar burodi.

Wakili, da iyakar wakilcinsa

Sunan mutum ɗaya za ka rubuta. Na ga masu sa uku, wai in ba a samu wannan ba a samu wancan. Abin da ke faruwa shi ne mai ciniki ya tambayi dukansu farashi, ya ji kuɗi iri uku, ya riƙe mafi arha, ka dawo ka tarar da gardama. Sannan kowane ɗaya cikin ukun yana zaton ɗayan ya amsa. Jirgi ɗaya, matuƙi ɗaya.

Kuma ka rubuta sunan da kasuwa ta san shi da shi. In kowa Sani Dogo yake ce masa, kada ka je ka kwaso sunan da ke katin ɗan ƙasarsa. Ka duba kuma ko yana jin Fulatanci sosai, don ka san masu zuwa maka daga Pitowa da Lagdo da ƙauyukan hanya da shi za su yi magana, mutanen Lere da Pala na Chadi kuma wasu sai Faransanci ko Larabcin can.

Abin da ya fi sunan nauyi shi ne iyaka. Da ka rubuta "ku nemi Sani", a idon mai ciniki Sani ya zama kai. Abin da ya ce, Alhaji ne ya ce. Wani maigida da na yi wa aiki ya tafi Dubai kwana goma, saƙonsa yana cewa duk abin da ake bukata a ga yaronsa. Wani mai saye daga Figil, wanda maigidan ya daina ba shi bashi tun watanni, ya zo da wayarsa a hannu ya nuna wa yaron: ga shi, Alhaji da kansa ya ce duk abin da ake bukata. Ya ɗauki tayoyi 40 da katan biyu na man inji, a kan zai kawo kuɗi ranar Lahadi bayan kasuwar Pitowa. Lahadi da yawa sun wuce. Da maigidan ya dawo ya tasa yaron da faɗa, ni dai ban ga laifin yaro ba. Kalmar "duk" ba shi ya rubuta ta ba.

Saboda haka saƙon ya faɗi abin da wakili yake iyawa da abin da ba ya iyawa, a fili, kowa ya karanta. Yana sayarwa a farashin shago, yana karɓar oda, yana ɗora kaya a ajans zuwa Marwa ko Ngawundere, yana karɓar biyan tsohon bashi ya ba da rasit. Sabon bashi, ragi a kan sari, mayar da kaya masu yawa, waɗannan sai kai. Wannan layin kariya ce ga yaron kansa. Ba ya iya kallon idon dattijon da ya haife shi ya ce masa a'a, amma yana iya cewa, "Baba, ka ga abin da Alhaji ya rubuta, hannuna a ɗaure yake." Kunya ta koma kan takarda.

Ka zaunar da shi kafin ka tafi, ka karanta masa saƙon da bakinka. Na sha ganin wakilin da bai san an naɗa shi ba sai da wayarsa ta fara ruri.

Maganar kuɗi

Wannan saƙon kowa yake samu, har wanda ya rubuto "slm" don ya ga me zai fito. Ka ba shi sunan yaronka, ka ba shi lambarsa, ka gaya masa ba ka gari. In ka ƙara da ƙasar da ka je, ka haɗa masa kayan aiki cif. Bayan kwana huɗu sai saƙo ya shigo wa Sani daga baƙuwar lamba, da hotonka da aka ɗauko daga WhatsApp: "Ni ne, layin China ne wannan, kaya sun maƙale, turo sefa 400,000 a wannan lambar yanzu, ba na iya kira." Yaro mai biyayya shi ne ya fi saurin faɗawa, don bai saba tambayar maigidansa dalili ba.

Don haka kada ka rubuta inda ka je. "Na yi tafiya" ya isa. Na kusa da kai sun sani, na nesa ba ruwansu. Sannan ku yi ƙa'ida da Sani tun kana nan: ko sisi ba ya fita da umarnin rubutu, sai ya ji muryarka a kira, ya kuma tambaye ka wata kalma da ku biyu kaɗai kuka sani. Ga masu ciniki kuma, saƙon ya ce lambar biyan kuɗi ba ta canza ba. Ko Orange Money ce ko MTN MoMo, wadda suka saba turawa ita ce, ko kuma a biya hannu da hannu a shago a karɓi rasit. Ban yarda a sa sabuwar lambar karɓar kuɗi cikin saƙon tafiya ba, ko da ta wakilin ce, domin ranar da ka koya wa mutane cewa lamba tana iya canzawa in ka yi tafiya, ka buɗe wa ɗan damfara ƙofa. In katin da ka tafi da shi ne ke karɓar kuɗin, ka tuna Sani ba zai ga shigarsu ba, kuma hoton tura kuɗi da mai saye zai nuna masa ba shaida ba ce, ana ƙera shi. A irin haka gara a tsaya a kuɗin hannu, ko shagon ya kasance da lambar karɓa tasa da aka saba da ita tun kafin tafiya.

Lokacin amsa

Lokaci biyu ne, kuma kowanne da nasa layi: na wakili da naka.

Na wakili mai sauƙi ne. Shago yana buɗe daga ƙarfe 8 zuwa 5 da rabi, Sani zai amsa a ranar, abin da ya shigo bayan an rufe sai gobe da safe. In kuna rufewa lokacin sallar Juma'a ko ranar Lahadi, ka faɗa.

Naka ne ke buƙatar lissafi. Guangzhou tana gaban Garwa da awa 7. Ƙarfe 9 na safe da kasuwa ke buɗe ido a nan, can ƙarfe 4 ne na yamma, kana tsakiyar ciniki da masu kaya. Ka koma masauki ƙarfe 9 na dare ka zauna da waya, nan ƙarfe 2 ne na rana. Wanda ya rubuto bayan la'asar, ƙarfe 4, ya same ka ƙarfe 11 na dare, ka yi barci ko kana shirin yi. Ke nan zama ɗaya kake da shi a yini, shi ma in intanet ya yarda kuma gajiya ba ta kayar da kai ba. Mai irin wannan hali bai kamata ya yi alkawarin amsa cikin awa kaɗan ba, ko cikin yini ɗaya ma ganganci ne. Ka rubuta kwana 2. In ka amsa a daren, an gode maka. In ka rubuta awa 24 ka amsa a awa 30, ka zama mai saɓa magana alhali ka yi ƙoƙari.

Kalmomin da nake gogewa duk inda na gan su su ne "nan ba da jimawa ba" da "da zarar na samu dama". Ba su gaya wa mutum ko ya jira ko ya nemi wani wuri. Haka "bayan mako uku": daga yaushe? Wanda ya karanta ranar tafiyarka da wanda ya karanta ana jibi za ka dawo, duk mako uku za su ƙirga. Ka sa rana da kwanan wata.

Kuma ranar da za ka rubuta ba ita ce ranar da jirgi zai sauka ba. A ce ka bar Garwa Asabar 11 ga Afrilu, jirgin dawowa zai sauka Duwala Asabar 2 ga Mayu. In komai ya tafi daidai kana gida Litinin 4 ga wata, da gajiya, da 'yan sannu da zuwa, da lissafin mako uku da Sani zai shimfiɗa maka. Ka rubuta Laraba 6 ga Mayu. Kwana biyun nan naka ne, kuma su ne za su rufa maka asiri in jirgi ya yi latti. Sa in sha Allah, don haka ya dace da Musulmi, amma a bayan kwanan watan za ta zo, ba a madadinsa ba.

Ga yadda zan rubuta shi da ni ne:

"Salamu alaikum. Na yi tafiya, zan koma shago Laraba 6 ga Mayu in sha Allah. Shago yana buɗe kamar kullum, 8 zuwa 5 da rabi. Don saye, oda, ko aika kaya, a kira Sani Dogo a lamba kaza, zai amsa a ranar. Sabon bashi da ragin sari sai ni: a bar saƙo a nan, zan amsa cikin kwana 2. Lambar biyan kuɗi ba ta canza ba, kada a tura wa wata lamba da sunana. Wannan saƙo ne mai fita da kansa."

Layin ƙarshen nan kada ka raina shi. Akwai dattawan da za su ga amsa ta shigo nan take su ɗauka kana riƙe da wayar, su ci gaba da zuba magana, su kuma yi fushi da ka yi shiru. Ƙarƙashin Hausar ka sa fassarar Faransanci, gajera, da kwanan wata da lambar iri ɗaya. Ka sa wani ya gwada su layi-layi, don na taɓa kama saƙon da Hausarsa ta ce 6 ga wata, Faransancinsa ya ce 16. In wayar a hannun Sani ka bar ta, sai layin tsakiya ya koma "wanda zai amsa a wannan lambar Sani Dogo ne, ba ni ba", don kada wani ya zuba sirrinsa yana zaton da kai yake.

Saitin kansa

A WhatsApp Business, wurin tsara lokaci yana da zaɓi uku: a aika kullum, a aika tsakanin ranakun da ka zaɓa, ko a aika bayan lokacin aiki. Na tsakiya za ka ɗauka, ka sa ranar farawa da ranar ƙarewa. Na ukun sai bayan an rufe shago kawai zai yi aiki, na farkon kuma sai ka tuna ka kashe shi, kuma ba za ka tuna ba. Akwai wani mai hatsi da wayarsa ta yi wata biyu tana gaya wa mutane yana Umara, shi kuwa yana zaune a bakin rumfarsa yana shan shayi. A wurin zaɓen waɗanda za a aika wa, ɗauki kowa ban da waɗanda ka ware, ka cire Hajiya da yara da masu sayar maka da kaya a China. Ba daɗi mutumin da za ku haɗu da shi gobe a Guangzhou ya samu saƙon cewa ya nemi Sani Dogo.

Imel kuwa, a sana'arka mai fiton kaya a tashar Duwala da banki da kamfanoni ne ke amfani da shi, don haka nasa rubutun ya zama na Faransanci, kuma wakilin da za ka ambata a can ya zama mai iya karanta takardar kwastan, ko da ba Sani ba ne. Wannan ba saɓa maganar mutum ɗaya ba ce, ƙofa ce dabam da masu shigarta dabam. Gmail yana fara aikawa daga tsakar daren ranar farko, ya tsaya a ƙarshen ranar ƙarshe. Ba ya maimaita wa mutum amsa a kowane imel, sai in ya sake rubutowa bayan kwana 4, ko ka gyara rubutun. Yana da kuma akwatin da in ka danna, waɗanda ke cikin jerin abokan hulɗarka kaɗai za su samu. Ka danna shi in ba ka jiran wani sabo.

Abin da saƙon ba zai iya ba

Rubutu ne, kuma da yawa cikin masu sayenka ba masu karatun boko ba ne. Bakanike zai aiko murya ta minti biyu da Fulatanci, amsa ta faɗo masa da haruffa, ya kalle ta ya mayar da waya aljihu. Wannan sai mutum. Ko Sani ne ko Hajiya, wani ya riƙa duba wayar safe da yamma, a ba Sani lambobin masu murya ya kira su. Manyan abokan cinikinka goma ko sha biyar kuwa, waɗanda rabin cinikinka ke hannunsu, bai kamata su ji labarin tafiyarka daga bakin na'ura ba. Ka kira su da kanka a makon tafiya, ka yi sallama, ka ce ga Sani nan.

Haka mai kiran layi kai tsaye ba zai ga komai ba, zai ji a kashe. In kana so kiran ya faɗa wa Sani, ana juya shi da wannan, ka sa lambarsa a wurin kalmar:

```
**21*lamba#
```

Ana warwarewa da `##21#`. Ka yi shi tun kana cikin Kamaru, ka tambayi kamfanin layinka kuɗinsa, don kai ake cirewa na kiran da aka juya, kuma in kuɗin layin ya ƙare juyawar tana iya tsayawa.

Shawarata ta mai shago ce da yara biyu ko uku, irin waɗanda na saba da su. Kamfani mai rassa da akanta, tsarinsa ya wuce nan.

Daren tafiya, bayan ka gama saiti, ka ari wayar maƙwabci wadda lambarta ba ta cikin waɗanda ka ware, ka aika wa kanka sallama. Ka ga saƙon ya fito, ka karanta shi a matsayin baƙo, sannan ka danna lambar Sani da ke ciki ka ji ko aljihunsa ne ya yi ƙara. Lamba tara ce, kuma kuskuren guda ɗaya ya isa ya aika masu cinikinka mako uku wurin wata baiwar Allah a Bafusam.